Gobarar gas a Shumaisi: Yadda teloli bakwai suka tsira, da abin da wutar ta bari

In aka ambaci Shumaisi, hankalin yawancin Hausawa yakan tafi sansanin tarhil da ke tsakanin Jidda da Makka. Wannan wata Shumaisin ce daban, tsohuwar unguwa a tsakiyar birnin Riyad, inda babban asibitin Sarki Sa'ud yake, wanda har yau mutane ke kira Asibitin Shumaisi. Unguwa ce mai tsofaffin gidaje da ƙananan lunguna, haya tana da ɗan sauƙi, shi ya sa baƙi 'yan ci-rani suke da yawa a cikinta. Ba abin mamaki ba ne a tarar da gida guda ya zama wurin sana'a da wurin girki da wurin kwana.

A irin wannan gida ne tukunyar gas ta haddasa gobara a kicin ɗin wani shagon ɗinki. Ba a rasa rai ba, mutum biyu ne suka ji rauni, don haka labarin bai wuce unguwar ba. Na zauna da huɗu daga cikin mutum bakwai da ke wurin, na kuma shiga shagon bayan an ba su izinin kwashe kaya. Sun nemi a sakaya sunansu da na shagon. Abin da ya fito fili daga bayaninsu shi ne, tukunyar da kowa ke tsoron ta fashe ba ita ta yi ɓarnar ba, ba ta ma fashe ba. Gas ɗin da ya zuba kafin wuta ta kama, da hayaƙin da ya biyo baya, da komawa ciki bayan an riga an fita, su ne suka yi.

Yadda shagon yake

Ɗakuna uku ne a jere. Na gaba shi ne wurin karɓar masu kawo ɗinki, da ƙofar gilashi da kuma ƙofar ƙarfe mai naɗewa da ke kallon titi. Na tsakiya shi ne wurin aiki, da kekunan ɗinki biyar, da teburin yanka, da kantoci cike da yadudduka har kusa da silin. Na ƙurya shi ne kicin, tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 2, tagarsa guda ɗaya ce ƙarama a can sama, kuma an toshe ta da kwali saboda ƙura. Dab da ƙofar kicin akwai matakala da ke hawa zuwa ɗakin kwana da soro.

Ke nan hanyar fita titi ɗaya ce tak, kuma wanda ke sama ba zai kai gare ta ba sai ya wuce ta bakin kicin.

Tukunyar irin wadda ake rabawa ko'ina a Saudiyya ce, mai ɗaukar gas kimanin kilo 11, ta ɗan gaza mai kilo 12.5 da muka saba da ita a gida. Tana ƙarƙashin teburin girki, tiyon roba ya haɗa ta da murhu mai kai biyu. Tiyon ya bi ta bayan murhu, inda zafi da maiƙo ke samunsa kullum, kuma babu wanda ya iya tuna yaushe aka canza shi.

Kafin wuta ta kama

Da hantsi aka dafa shayi, aka kashe murhu, amma ba a rufe kan tukunya ba. Haka suka saba. Bambancin da ke tsakanin biyun babba ne: in murhu kawai aka kashe, gas yana nan cike da tiyo yana matsa shi, duk inda ya tsage zai riƙa fita a hankali. In kan tukunya aka rufe, ko tiyon ya ruɓe, abin da zai fita bai taka kara ya karya ba.

Da aka kira azahar sai aka sauke ƙofar ƙarfe zuwa rabi, biyar suka tafi masallaci, daga can suka biya suka sayo abinci. Mutum biyu da suka yi aikin dare suna barci a sama. An ja ƙofar kicin don kada sanyin na'ura ya tsere. Kicin ɗin ya yi fiye da awa biyu a rufe.

A nan ne halin gas ɗin girki ya shigo. Ya fi iska nauyi, kusan ninki ɗaya da rabi zuwa biyu, saboda haka ba ya tashi sama ya bi taga kamar hayaƙi. Ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, ya cika ƙarƙashin tebur da bayan firji, ya riƙa hauhawa. Kuma ba ya buƙatar yawa. In ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wuri zai iya kamawa, har zuwa wajen kashi 10. Kicin kamar wannan, mai tsayin mita biyu da rabi, abin da bai kai kilo ɗaya ba ya isa ya mai da dukan iskarsa abin kamawa. Tunda kuwa a ƙasa yake taruwa, tun kafin a kai haka ƙasan ɗakin ya riga ya zama tarko. Tukunyar tana iya rage nauyi kaɗan kawai, wanda mai ɗaga ta ba zai ji ba, alhali ɗakin ya gama cika.

Shi gas ba shi da wari, kamfani ne ke zuba masa sinadari mai ɗoyi don hanci ya gane. Amma hanci yana sama, gas yana ƙasa. Da suka dawo, biyu daga cikinsu sun ce sun ji wari-wari a ɗakin aiki, suka ɗauka na kwata ne.

Minti na farko

Ƙaraminsu, mai koyon ɗinki ɗan shekara ashirin da 'yan kai, shi aka aika ya ɗauko faranti. Ya tura ƙofa, warin ya buge shi, kicin kuma da duhu, sai hannunsa ya kai ga makunnin fitila kamar yadda ya saba. Ɗan tartsatsin da ke tashi a cikin makunni, wanda ido ba ya gani, ya isa ya kunna gas.

Ba su ji ƙara irin ta bam ba. Sun ce wani “bum” ne mai nauyi, kamar an yar da katifa daga bene, sai iska mai zafi ta bi ɗakin aiki ta watsar da ƙyallaye. Wuta ta share ƙasan kicin cikin ƙiftawar ido ta mutu, domin gas ɗin da ya taru ya ƙone gaba ɗaya. Yaron yana bakin ƙofa, aka hankaɗo shi baya. Ya ƙone a ƙafafu da bayan hannaye, gashin girarsa ya babbake. Wandonsa na roba-roba ne, ya narke ya manne a ƙwaurinsa, kuma nan ne ƙunar ta fi zurfi. Rigarsa ta auduga ba ta manne ba.

Da a nan abin ya tsaya, da an tsira da sauƙi. Amma wutar farko ta kama tiyon a daidai inda ya tsage, kan tukunya kuma yana buɗe. Sai harshen wuta ya tsaya a wurin yana huci kamar na mai walda, yana dukan bango da ƙasan teburin katako. Galan ɗin man girki na roba da ke gefe ya narke, man ya malale ya kama.

Wannan ne kaɗai lokacin da za a iya kashe wutar da hannu. In wuta a tiyo take ko a murhu, jikin tukunya bai yi zafi ba, kuma hannu zai kai kanta ba tare da ya ratsa wuta ba, rufe kan tukunya yana yanke ta nan take. Maigidan shagon ya ce ya yi niyya, ya leƙa ya ga man da ke ci ya shiga tsakaninsa da tukunyar, sai ya fasa. Hukuncin da ya yanke daidai ne. Akwai tukunyar kashe gobara mai hoda a ɗakin gaba, an kuma ɗauko ta, amma ya hana a fesa wa harshen gas ɗin. Ko da ta kashe shi, gas zai ci gaba da fita ba tare da yana ƙonewa ba, ya sake taruwa, ya sake tashi da ƙarfi fiye da na farko. Gas mai ci da wuta, ana ganinsa. Wanda ke zuba shiru shi ne mugun.

Yadda aka fita

Mutum biyu suka kama yaron suka yi waje da shi. A ƙofar ƙarfe suka fara cin karo da matsala, domin tun dawowarsu daga masallaci ba a ɗaga ta duka ba. Lafiyayye zai sunkuya ya wuce, amma mutum biyu ɗauke da na uku sai da suka tsaya aka tura ta sama. Daƙiƙoƙi ne, amma hayaƙi ya riga ya fara bin silin.

Maigida ya tsaya a gindin matakala yana ƙwala wa na sama kira. Ɗaya ya farka da ƙarar farko, ya sauko a guje, ya wuce bakin kicin yana kare fuska da hannu, ya fita lafiya. Na biyun nauyin barci gare shi. Kafin ya tashi, matakalar ta zama bututun hayaƙi, domin hayaƙi mai zafi hanyar sama yake nema, kuma babu wanda ya ja ƙofar kicin bayan an ciro yaron. Da ya buɗe ƙofar ɗaki ya ga baƙi ƙirin, bai yi gangancin sauka ba. Ya haura soro, ya rufe ƙofa a bayansa, ya tsallaka katanga zuwa soron maƙwabta, suka buɗe masa ya sauko ta gidansu. Bai ji ko ƙwarzane ba.

Maigidan ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ƙofar kicin. Ta katako ce, ba za ta hana wuta har abada ba, amma da an ja ta, da ta rage wa wutar iska, ta kuma tsare hayaƙi na wasu mintuna, matakala da ɗakin yadudduka su samu sarari.

A waje, wani maƙwabci ya kira 998, lambar Difa'ul Madani, wato 'yan kwana-kwanan ƙasar. Motar asibiti ta Hilal Ahmar lambarta 997, a Riyad kuma 911 tana haɗa mutum da dukansu. Mai kiran ya yi abu biyu masu amfani: ya faɗi cewa akwai tukunyar gas a cikin wutar, ya kuma tura yaro bakin babban titi ya tsaya ya nuna lungun, domin a tsohuwar unguwa irin wannan kwatance ta waya ba ya isa.

Shi kuwa wanda ya ƙone, an zaunar da shi a shagon da ke kallonsu ana kwarara masa ruwan famfo. Wani ya kawo man goge baki, wani ya ce a fasa ƙwai, wani dattijo ya hana. Abin da ake so shi ne ruwa mai ɗan sanyi yana gudana a kan ƙuna na kimanin minti 20, ba ƙanƙara ba, ba mai ba. A cire zobe da agogo kafin wuri ya kumbura, a bar tufar da ta manne sai likita ya cire.

Wanda ya koma

Maigida ya ƙirga mutanensa a titi ya samu shida, na bakwai yana ɗaga hannu daga soron maƙwabta. Kowa ya fita cikin abin da bai wuce minti uku ba. Raunin na biyu bayan nan ya faru.

Ɗaya daga cikin telolin ya tuna jakarsa tana rataye a jikin kekensa, da iƙamarsa a ciki da wayarsa da kuɗin da ya tara zai aika gida. Duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san matsayin iƙama a wurin baƙo. Maigida ya riƙe masa riga ya ce, “Don Allah Malam, ka bari, takarda ce, ana sake ta.” Ya amsa, “Maigida, ga ta nan kusa, yanzu zan fito.” Ya fizge ya shiga.

Daga ƙofa zuwa kekensa bai fi taku goma ba, kuma wuta ba ta iso wurin ba tukuna. Sai dai yadudduka na saman kanta sun fara ci, yawancinsu na roba-roba ne, ga soson kujera. Hayaƙin irin waɗannan kaya baƙi ne, mai kauri, mai guba, yana rufe ido yana ɗauke numfashi. Ya ce shaƙa biyu ya yi ya rasa inda ƙofa take, a ɗakin da ya shekara huɗu yana aiki. Faɗuwar da ya yi ce ta cece shi, domin a ƙasa akwai sauran iska, ya kuma hango hasken titi ta ƙarƙashin hayaƙin, ya rarrafo. Ya fito ba jaka, yana tari, majinarsa baƙa, muryarsa ta dishe. Waɗannan alamu ne na cewa zafi da hayaƙi sun taɓa maƙogwaro, kuma kumburin yana iya zuwa bayan awanni, don haka ba a barin irin wannan ya ce ya warke ya koma gida. Ya kwana biyu a asibiti. Iƙamar kuwa, an yi masa wata.

Me ya sa tukunyar ba ta fashe ba?

Gas ɗin da ke cikin tukunya ruwa ne a matse, kuma da gangan ba a cika ta fal, ana barin sarari a sama. In wuta ta daɗe tana dukan jikinta, ruwan yana tafasa, matsi yana ƙaruwa, ƙarfen saman kuma, inda babu ruwan da zai sanyaya shi, yana laushi. In ya yage, ruwan gas yana komawa iska a lokaci guda, ya kumbura kusan ninki 250, ya tashi da dunƙulen wuta, ɓaraguzan ƙarfe su yi nisa. Wannan ne fashewar da mutane ke tsoro, kuma tana ɗaukar mintuna kafin ta zo, ba a farkon gobara take zuwa ba. Shi ya sa ta fi samun 'yan kallo da masu komawa ɗauko kaya.

A nan an yi sa'a, harshen wutar bango ya fuskanta, ba tukunya ba. Da 'yan kwana-kwana suka iso, sun fara da korar jama'a daga bakin lungu da yanke lantarkin gidan. Suka riƙa feshin ruwa a kan tukunyar daga nesa har ta huce, sannan aka rufe ta aka fito da ita fili. Ba a bar kowa ya matsa kusa da ita ba ko bayan an fito da ita, domin ƙarfen da ya sha wuta ba a amince masa. Tukunya irin wannan ba ta komawa kicin, ko da ba ta nuna lahani ba.

Abin da bango ya nuna

Wanda ya shiga shagon bayan kwana biyu zai iya karanta yadda abin ya gudana ba tare da an gaya masa ba. A kicin, ƙunar bango ta faro ne daga wuri guda a ƙasa, daidai bayan murhu, ta buɗe tana hawa kamar bakin mazurari. Gindin wannan alama shi ne inda tiyon ya tsage. Kwalin taga an same shi a lungun baya bai ƙone ba, alamar cewa bugun farko ne ya fitar da shi kafin wuta ta yi ƙarfi. Fentin tukunya ya kumbura ta gefe guda kawai, ɗaya gefen lafiya lau.

A ɗakin aiki, ɓarnar daga sama ta sauko. Akwai layin baƙi a bango daidai kafaɗar mutum. Duk abin da ke samansa ya tafi: murfin na'urar sanyaya ɗaki ya narke ya zubo, wayoyin lantarki sun ƙone, yadudduka na kantoci biyu na sama sun zama gawayi. Abin da ke ƙasa da layin wuta ba ta taɓa shi ba, ruwa da toka ne suka lalata shi. Kekuna biyu na kusa da kicin sun tashi daga aiki. Sauran ukun sun gyaru bayan an wanke an sa mai, sai dai hoda da danshi sun sa wasu sassa tsatsa. Jakar da aka koma dominta tana nan rataye, ta narke ta dunƙule.

Ɗakin gaba bai ga wuta ba ko kaɗan, amma ɗinkunan da aka gama aka rataye duk sun sha hayaƙi, warin kuma bai fita da wanki ba. Maigidan ya ce wannan ce asarar da ta fi yi masa ciwo, domin kayan mutane ne, amana ce. Littafin awo da na bashi ma a teburin yanka suke, ruwa ya cinye rubutun. Ya ɗauki makonni yana bin masu kaya ɗaya bayan ɗaya, wasu suka yafe, wasu ya biya. Shagon ya yi fiye da wata biyu a rufe, babu mai samun ko riyal, ga iyalai a gida suna jiran aike.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan

Alhazan da suka yi aikin Hajjin 1997 ba za su manta da gobarar Mina ba. Ranar 15 ga Afrilu, wutar da aka danganta da tukunyar gas ta girki ta tashi a cikin tantuna, iska ta kwashe ta, tantuna kusan 70,000 suka ƙone, mutum fiye da 340 suka rasu, da dama a turmutsutsun gudu. Bayan nan ne aka kafa tantunan da ba sa kama wuta da ake gani yanzu, aka kuma hana girki da gas a wurin. A Riyad kanta, ranar 1 ga Nuwamba 2012, tankar gas ta bugi gada a hanyar Khurais, gas ya zuba ya bazu, sannan ya tashi, mutum fiye da ashirin suka mutu. A gida ma, fashewar shagon gas a Sabon Tasha da ke Kaduna, ranar 4 ga Janairu 2020, ta ci rayuka, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya. Girman ya bambanta, amma gas ɗin ɗaya ne da wanda ke ƙarƙashin teburin girkin ɗaliban da ke haya tare, ko ma'aikatan da ke kwana a wurin aiki.

Da aka sake buɗe shagon, an mayar da tukunya kusa da ƙofar da aka fasa ta baya, wadda ta zama hanyar fita ta biyu. An cire kwalin taga. Tiyon sabo ne, gajere, an ɗaure bakinsa biyu da zoben ƙarfe, ba ya bi ta bayan murhu. Duk lokacin da aka kawo sabuwar tukunya, ana shafa ruwan sabulu a mahaɗa da jikin tiyo, in ya yi ƙwai-ƙwai akwai yoyo. Wanda ya gama girki, kan tukunya yake fara rufewa, ya bar wutar murhu ta mutu da kanta, sannan ya kashe murhun. Sun kuma yi ƙa'ida cewa wanda ya ji warin gas ba ya taɓa makunni, ko kunnawa ko kashewa, sai dai ya rufe tukunya in zai iya, ya buɗe ƙofofi, ya fitar da kowa, ya yi waya daga waje.

Iƙama kuwa yanzu a aljihu take kwana, kuma kowa ya ɗauki hotonta ya tura wa wani ɗan'uwa. Yaron da ya ƙone ya koma kan keke bayan wata uku. Har yanzu likita ya hana shi barin rana ta taɓa tabon.